Yadda ake juya galan da kubik fit zuwa lita idan ka sayi inji ɗan waje, ba tare da lissafi ya ɓace maka ba

Duk wanda ya taɓa sayen sumo na bohol ko janareto ko firiza ɗan waje, musamman kayan gwanjo da ake saukewa daga kwantena, ya san yadda ake buɗe kwali a tarar an rubuta 12 GPM ko 500 gal ko 7 cu ft a jiki, alhali mu nan da lita muke sayen fetur, da lita muke sayen tanki, har mai ga-ruwa ma jarkarsa lita ce. Toh abin da yawancin mutane ke yi shi ne su ce ai galan lita huɗu ne, su ninka da huɗu su wuce, kuma a nan ne lissafi yake fara karkacewa. Ni abin da nake so ka riƙe a wannan bayanin guda ɗaya ne, kafin ka taɓa kalkuleta ka fara gano galan ɗin wace ƙasa ce aka rubuta, sannan bayan ka gama lissafin ka ɗauko jarka ko tef ka gwada da hannunka.

Galan iri biyu ne a jikin injina. Akwai na Amurka wanda yake lita 3.785, akwai na Ingila wanda yake lita 4.546. Dalilin bambancin kuwa shi ne Ingila ta sake ma'auninta a 1824 ta fito da sabon galan babba, ita kuma Amurka ta ci gaba da tsohon da ta gada tun kafin nan, har yau shi take amfani da shi. Kenan na Ingila ya fi na Amurka da kusan kashi 20 cikin ɗari, wato galan biyar na Ingila sun kai galan shida na Amurka. Shi kuma galan ɗin da muke faɗa a kasuwa, irin na baƙin mai, lita 4 ne, ba ya cikin ko ɗaya daga biyun, yana tsakiyarsu. Kamar dai mudu ne, suna ɗaya amma na wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba. A Ghana ma jarkar nan ruwan ɗorawa mai cin lita 20 zuwa 25 galan ake ce mata, saboda haka idan mai kaya ya ce maka galan a waya ka tambaye shi wanne yake nufi tun kafin ku yi ciniki.

Ga lambobin da za ka ajiye a wayarka, su kaɗai sun ishe ka kusan komai:

```
1 US gal  = 3.785 L
1 Imp gal = 4.546 L
1 cu ft   = 28.32 L
1 m³      = 1000 L
```

Daga galan ko kubik fit zuwa lita ninkawa ake yi, daga lita zuwa su kuma rabawa ake yi. In ka rikice a tsakiya ka tuna lita ce ƙarama a cikinsu duka, don haka adadin lita dole ya fi yawa. Idan ka juya galan 50 ka samu lita 13 ka san ka raba ne a inda ya kamata ka ninka.

Mataki na farko, gano wane galan ne

Ka duba ɗan ƙarfen nan da ake mannawa a jikin inji ko littafin da ya zo da shi. In ka ga US gal ko USG ko USGPM toh na Amurka ne, in ka ga Imp gal ko UK gal ko IGPM na Ingila ne, magana ta ƙare. Matsalar ita ce sau da yawa gal kawai za su rubuta su yi shiru, a nan sai ka yi ɗan bincike.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi wani wuri a littafin da aka rubuta awo biyu tare. Misali a shafin tankin mai na janareto ka ga 6.6 gal kuma kusa da shi an sa 25 L. Ka raba 25 da 6.6, zai ba ka kusan 3.79, shi kenan ka gano na Amurka ne, kuma duk sauran galan da ke cikin littafin nan haka suke. Da a ce ya ba ka wajen 4.5 da na Ingila ne. In babu awo biyu ka duba wutar da injin yake ci, idan an rubuta 120V da 60Hz kayan kasuwar Amurka ne ko da a Chana aka ƙera shi, galan ɗinsa na Amurka ne. Tsofaffin injinan Ingila da na ƙasashen da ta mulka, irin tsofaffin famfunan ban ruwa da tankunan ƙarfe da aka gada tun da, su ne aka fi samu da babban galan. Sabon kaya da aka rubuta gal kawai a yau, mafi yawa na Amurka ne, amma ni ba na gina komai mai tsada a kan mafi yawa, sai na auna.

Ka kuma lura da ɗigo da waƙafi. Ƴan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun saba da rubutun Faransanci inda 3,785 yake nufin uku da ɗan wani abu, amma a takardar Amurka 3,785 yana nufin dubu uku da ɗari bakwai da tamanin da biyar. Kayan da suka biyo ta Kwatano ko Lome sukan zo da littafi mai harshe biyu, shafi ɗaya da ɗigo ɗaya da waƙafi, ka san wanne kake karantawa.

Mataki na biyu, tanki

A ce ka samu tankin ruwa an buga masa 500 gal, kana so ka ɗora shi a kan ƙarfe ka haɗa da bohol ɗin gida. In na Amurka ne, 500 sau 3.785 ya ba ka lita 1,893. In na Ingila ne, 500 sau 4.546 ya ba ka lita 2,273. Bambancin lita 380 ne, wajen jarka goma sha biyar ta lita 25. Kuma ba ruwan sha kaɗai ba ne abin dubawa, kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, kenan in ka sa mai walda ya yi maka ƙafa da lissafin ƙaramin galan alhali tankin babban ne, ka ƙara wa ƙarfen nan kilo 380 da ba a shirya masa ba, a sama da kawunan iyalinka. Wannan ne ya sa nake dagewa a kan tanki fiye da komai.

Yadda za ka tabbatar shi ne da tef ɗin tela ko na magina, amma ka juya shi ɓangaren santimita ba inci ba. In tankin zagayayye ne ka auna faɗinsa daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, ka raba biyu, ka ninka abin da ka samu da kansa, ka ninka da 3.14, ka ninka da tsayin inda ruwa yake tsayawa, sannan ka raba da 1000. Bari mu yi shi tare. Faɗi santimita 130, rabinsa 65, sai 65 sau 65 ya ba da 4,225, sau 3.14 ya zama kusan 13,267, tsayin ruwa kuma santimita 143, ka ninka ka samu wajen 1,897,000, ka raba da dubu ya zama lita 1,897. Kaga ya zo daf da 1,893, toh tankin galan ɗin Amurka ne. Ba sai ya zo cif-cif ba tunda tankin roba yana da kauri kuma samansa a lanƙwashe yake, abin da kake nema kawai shi ne wanne daga cikin biyun ya fi kusa da shi, kuma tazarar lita 380 ba ta ɓuya.

In hannunka ba ya kaiwa ka auna faɗin ta sama, ka zagaya jikin tankin da igiya daga waje, ka auna igiyar, ka raba da 3.14, faɗin kenan, sai ka ɗan rage kaurin robar.

Duro ma haka yake, shi wannan duron ƙarfe da kowa ya sani Amurkawa suna ce masa na galan 55, Turawan Ingila suna ce masa na galan 44, mu kuma muna cewa lita 200. Galan 55 na Amurka kusan lita 208 ne, duro ɗaya ne dai.

Mataki na uku, famfo, inda aka fi yin asara

A jikin famfo ba girma ake rubutawa ba, gudun ruwa ake rubutawa, wato galan nawa yake turowa a cikin wani lokaci, kuma harafin ƙarshe shi ne lokacin. GPM a minti ɗaya ne, GPH a awa ɗaya, GPD a yini guda da darensa. Wallahi harafin nan guda ɗaya ya fi bambancin galan ɗin Amurka da na Ingila haɗari nesa ba kusa ba, domin wancan kashi 20 ne cikin ɗari, wannan kuwa ninki 60 ne. Ƙaramin famfon batir da aka rubuta 800 GPH sai mutum ya ga lamba babba ya ɗauka ya fi sumo mai 12 GPM sau da yawa, alhali in ka raba 800 da 60 za ka samu kusan 13 ne a minti, kusan abu ɗaya suke a takarda, kuma shi ƙaramin ba zai iya ɗaga ruwa daga zurfin bohol ba ko kusa. Masu injin tace ruwan leda kuma su ne ke haɗuwa da GPD, abin tacewa mai 400 GPD lita 1,514 yake bayarwa a awa ashirin da huɗu, wajen lita 63 a awa, shi ma in ruwan da matsinsa sun yi daidai da yadda aka gwada shi a kamfani.

Mu koma kan sumonmu mai 12 GPM na Amurka. 12 sau 3.785 ya ba da lita 45.4 a minti, ka ninka da 60 ka samu lita 2,725 a awa, wanda masu haƙa bohol za su ce maka kubik 2.7 a awa, tunda su da m³/h suke magana. Tankinmu mai lita 1,893 kenan zai cika a cikin minti 42 in komai ya tafi yadda takarda ta ce. Wannan lambar ta kubik a awa tana da amfani sosai, saboda ita za ka kai wa wanda ya haƙa maka bohol ɗin ka tambaye shi, Malam, rijiyar nan tana iya ba da wannan kuwa? In bohol ɗinka kubik 1.5 kaɗai yake iya kawowa a awa kai kuma ka zura masa famfo mai jan 2.7, ruwa zai riƙa yankewa yana dawowa, ka ji bututu yana tofar da iska, wani lokacin ruwan ya fito da yashi, sumo kuma ruwan da yake ciki ne yake sanyaya shi, in ya daɗe yana juyawa a bushe ƙonewa zai yi.

Sai dai akwai wani abu da juya awo ba ya gyarawa, kuma ya kamata ka sani don kada ka zargi lissafinka a banza. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali, musamman in an sa max a gabanta, ita ce mafi yawan abin da famfon yake turowa idan ba ya ɗaga ruwan sama ko kaɗan. Duk yadda tsayi ya ƙaru ruwa raguwa yake. A cikin littafin akwai jadawali ko wani lanƙwasasshen layi da yake nuna galan nawa a tsayi nawa, kuma in kayan Amurka ne tsayin da ft za a rubuta, ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, ƙafa 100 mita 30 da rabi kenan. Sai ka haɗa zurfin da ruwa yake sauka a lokacin da famfo yake aiki da tsayin tankinka daga ƙasa. A ce ruwa yana mita 35 ƙasa, bakin tanki yana mita 7 sama, mita 42 kenan, ka raba da 0.3048 ka samu ƙafa 138, ka ɗan ƙara wani abu saboda tsawon bututu da gwiwoyinsa, sai ka duba galan nawa jadawalin ya nuna a wajen ƙafa 150. Wannan galan ɗin shi za ka juya zuwa lita, ba na jikin kwali ba.

Bayan an haɗa komai sai gwajin jarka. Ka kunna famfo ka bar shi ya yi aiki kamar minti goma ruwan bohol ya daidaita, sannan ka tara jarka mai lita 25 a bakin bututun da ke shiga tanki, can sama, ba a ƙasa kusa da rijiya ba, ka kunna agogon wayarka. In da gaske lita 45 yake bayarwa a minti jarkar za ta cika a daƙiƙa 33. In ta ɗauki daƙiƙa 50, ka raba 25 da 50 ka ninka da 60, lita 30 kenan a minti, wajen galan 8 na Amurka, tankinka kuma zai ɗauki awa ɗaya da ƴan mintuna. Ka maimaita sau biyu ko uku. Kuma ka san jarkarka, da yawansu in aka cika su har wuya sun wuce abin da aka rubuta, gara ka auna mata lita 25 da robar ruwa mai lita ɗaya da rabi ko wani abin da ka yarda da shi ka ja layi da maka.

Da wannan lambar ta gaskiya ne za ka lissafa man janareto. In littafin janareton ya ce 0.75 gal/hr, lita 2.8 kenan a awa, tankinsa mai lita 25 zai kai ka wajen awa tara a nauyin kayan wutar da aka gwada shi da shi. Baƙin mai kuma da qt suke rubuta shi, na Amurka lita 0.946 ne, ɗan ƙasa da lita kaɗan, in ka ga 1.16 qt lita 1.1 ake nufi. A nan dai ka bi sandar gwajin mai, kada ka juye galan guda don ka ga lamba.

Mataki na huɗu, kubik fit

Shi wannan bai da na Amurka da na Ingila, ɗaya ne ko'ina, akwati ne mai ƙafa ɗaya a tsawo, ƙafa ɗaya a faɗi, ƙafa ɗaya a zurfi, yana cin lita 28.32. Za ka gan shi an rubuta cu ft ko ft³ ko CF, an fi samunsa a firiza da firji. Firiza mai 7 cu ft lita 198 ce, ita ce dai ajin da ake sayarwa a matsayin lita 200 a shagunanmu, mai 10 cu ft kuma lita 283.

Kuskuren da nake yawan gani a nan na masu ɗan ilimin lissafi ne ma, mutum ya san ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce sai ya ninka kubik fit da 0.3048 sau ɗaya ya ce ya samu kubik mita. In ka yi haka da firizar nan za ka samu kubik mita 2.1, lita dubu biyu da ɗari, firiza ta fi tankin da ke saman gidanka kenan, kaga da ganin amsar ka san akwai matsala. Gefe uku ne, dole a ninka sau uku, 0.3048 sau 0.3048 sau 0.3048, shi ne yake ba da 0.0283. Haka kuma in da inci ka auna, kubik fit ɗaya inci 1,728 ne na kubik ba 12 ba. Shi ya sa nake cewa ka auna da santimita tun farko ka huta.

Gwajin firiza mai sauƙi ne, ka buɗe ka auna ciki ba waje ba, tsawo sau faɗi sau zurfi a raba da 1000. Ciki mai 80 da 45 da 55 ya ba da lita 198. Akwai wani tudu a gefe ɗaya a ƙasa inda injin yake ɓoye, ka auna shi daban ka cire, don ledar ƙanƙara ba ta shiga wurin. Wasu kamfanonin suna rubuta lamba biyu, gross da net, ta biyun ce sararin da za ka iya zuba kaya a ciki, ita mai sana'ar ƙanƙara ko zoɓo ya kamata ta duba kafin ta biya kuɗi.

In tankin kifi ko kwatamin siminti aka ba ka da kubik fit kuma kana so ka haɗa shi da famfo mai galan, kada ka tsallaka kai tsaye daga wannan zuwa wancan, ka mayar da kowanne lita tukuna. Kwatami mai 120 cu ft lita 3,398 ne, famfonka da ka gwada da jarka yana ba da 30 a minti, ka raba ka samu minti 113, kusan awa biyu.

Masu fenti da masu faci su kuma CFM suke gani a jikin kwamfiresa, kubik fit na iska a minti ɗaya, ana ninka shi da 28.3 a samu lita a minti. Bindigar fenti mai buƙatar 9 CFM tana son iska lita 255 a minti. Ka lura kwamfiresa tana ɗauke da lamba biyu masu kama da juna, girman tulunta, misali 20 gal wanda yake lita 76, da kuma iskar da take bayarwa, kuma babban tulu ba ya maye gurbin ƙarancin iska, jinkirta matsalar kawai yake na ɗan lokaci. In an rubuta 200 L/min a jiki, wajen 7 CFM kenan, ba ta kai 9 ba, kuma sau da yawa wannan lambar iskar da take zuƙa ce, wadda take fitarwa idan matsi ya hau ta fi haka ƙasa. Ka nemi inda aka rubuta iskar tare da matsinta, irin su CFM @ 90 PSI, wanda yake kusan 6.2 bar, ka kwatanta da abin da bindigar take nema a nata matsin. Alamar ba ta isa ba ita ce injin ya ƙi hutawa, allurar geji tana sauka kana cikin feshi, fentin ya fara fita da gudaji maimakon ya baje. In ka ga haka ko dai ka sauya bindiga zuwa mai cin iska kaɗan, ko ka nemi kwamfiresar da iskar da take fitarwa ta wuce buƙatar bindigar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu.